Na sauya kalmomi, na sa madogara, amma an ce har yanzu kwafe ne

Zainab U.: Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Tambaya gare ni a kan babi na biyu na kundin digirina, bitar ayyukan da suka gabata. An ja mini jan layi a ƙarƙashin sakin layi uku, an rubuta a gefe cewa sun yi kusa da na asali sosai. Alhali kusan kowace kalma na sauya ta, kuma sunan marubucin da shekara suna nan a ƙarshe cikin baka biyu. To ina satar take? Me kuma ya rage in sauya?

Bashir Gwammaja: Wa alaikumus salam. Ƙanwata abin ba wuya. Ki tabbata babu kalmomi biyar a jere da suka zo daidai da na littafin. Ki ƙirga, duk inda kika kai ta huɗu ki sa wata mai ma'ana ɗaya. In kin gama ki sa shi a Turnitin, manhajar da ke auna kamannin rubutu, in ya sauka ƙasa da kashi 20 kin fita, mu a sashenmu iyakar ke nan.

Dakta Hauwa: Malam Bashir, wannan shawarar ita ce ainihin abin da ya jawo wa Zainab jan layin. Ƙirgen kalma biyar ba ƙa'ida ba ce a tsarin sa madogara na APA ko MLA, dabara ce ta kauce wa na'ura, mai duba aikin kuwa mutum ne da wataƙila littafin yana kan teburinsa.

Zainab, ba sai kin liƙo na littafin a nan ba. Zan tsara sakin layi da kaina, mu ɗauka wani marubuci ne ya rubuta shi, mu kira shi Wane, a 2015, shafi na 42:

"Bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ambaliyar da ke malala zuwa fadamun Haɗejiya da Nguru duk damina ta ragu, kuma hakan ya taƙaita filayen noman shinkafa da wuraren kamun kifi da makiyaya. Sai dai da wuya a ɗora wa madatsar laifin gaba ɗaya, domin farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 shi ma ya rage ruwan da ke shiga kogin."

Ga kuma abin da zai fito idan aka bi hanyar Malam Bashir:

"Bayan gama dam ɗin Tiga a 1974, ruwan da ke kwarara cikin fadamun Haɗejiya da Nguru kowace damina ya yi ƙasa, kuma wannan ya rage gonakin shinkafa da wuraren su da na kiwo. Amma yana da wahala a zargi dam ɗin shi kaɗai, saboda ƙarancin ruwan sama na shekarun 1970 da 1980 ma ya janye ruwan kogin (Wane, 2015)."

Ki karanta su biyun a bayyane ki ji. Dukansu sun fara da "bayan", sun kawo madatsa, sai raguwar ruwa, sai abubuwa uku a jeri ɗaya: shinkafa, kifi, kiwo. Jimla ta biyu ta buɗe da togaciya ta rufe da dalili. Inda Wane ya sa waƙafi, nan na biyun ya sa. Ginin na Wane ne tun daga tushe har rufi, fenti kawai aka sake. Madogarar da ke ƙarshe tana gaya wa mai karatu cewa ra'ayin na Wane ne, wannan gaskiya ne. Amma rashin alamar zancen wani yana gaya masa cewa jimlolin naki ne, wannan kuma ba gaskiya ba ne. Nan matsalar take. Wata malamar koyar da rubutu a Amurka, Rebecca Moore Howard, ta raɗa wa irin wannan suna tun farkon shekarun 1990, sunan da za a iya cewa rubutun faci da Hausa: an ɗauko tsohuwar taya an lilliƙa mata faci.

Zainab U.: Wallahi Dakta kamar kin ga takardata. Haka nawa yake sak. To yaya ake rushe ginin ba tare da an ɓata maganar mutum ba?

Ibrahim Maraɗi: Ni a ganina in dai ba sayar da aikin za ki yi ba ai babu laifi. Haƙƙin mallaka yana aiki ne idan za a buga a ci kuɗi. Kundin digiri a ɗakin karatu zai zauna.

Dakta Hauwa: Malam Ibrahim, abubuwa biyu ka haɗa. Haƙƙin mallaka batun doka ne da izinin kwafi, kuma yana da wa'adin da yake ƙarewa. Satar rubutu batun jingina magana ga mai ita ne, ba ta da wa'adi. Littafin da marubucinsa ya rasu shekara ɗari biyu da suka wuce kowa na iya sake buga shi, amma in ka ɗauki hujjarsa ka ce taka ce, ka yi sata ko sisi ba ka ci ba.

Zainab, ga yadda ake yi. Da farko ki karanta wurin har sai kin iya gaya wa wadda ke zaune kusa da ke abin da ya ce ba tare da kin leƙa ba. In ba ki iya ba, ba ki kai ga rubutu ba tukuna, ki sake karantawa. Yawancin masu faci ba niyyar sata gare su ba, wurin ne ba su gane ba, shi ya sa suke riƙe da jimlar marubucin kamar makaho da sanda.

Sannan ki rufe littafin ki rubuta abubuwan da ya ƙunsa a gutsattsare, kada ki yi cikakkiyar jimla. Na Wane guda huɗu ne: Tiga 1974, ambaliya ta ragu a Haɗejiya da Nguru, shinkafa, kifi da kiwo sun taɓu, ba madatsa kaɗai ba, da fari. A gefe ki rubuta Wane, 2015, sh. 42 nan take, kada ki ce sai an jima. Dalilin gutsattsarin shi ne cikakkiyar jimla tana ɗauko kiɗan jimlar asali ko ba ki so ba.

Mataki na uku shi ne wanda ake tsallakewa, kuma shi ne ke sauya gini da gaske. Ki tambayi kanki: wace tambaya sakin layina yake amsawa? Wane ya jera maganarsa yadda ya jera ne don bukatar littafinsa. Ke taki bukatar daban ce. In aikinki a kan masunta ne, da masunta za ki fara. In a kan muhawarar abin da ya rage ruwan ne, da dalilan za ki fara. Tsarin yana sauyawa da kansa idan kika san abin da kika zo nema a wurin marubucin. Ki gwada ki kawo mana.

Bashir Gwammaja: Kafin ta kawo, ga nawa a taƙaice, kuma na tabbata na'ura ba za ta kama ko kalma ɗaya ba: "Madatsar Tiga ce ta kashe noman shinkafa da kamun kifi a yankin Haɗejiya da Nguru (Wane, 2015)."

Malam Lawal Zariya: Bashir, na'ura ba za ta kama ka ba, amma da Wane zai gani da ya kai ƙararka. Mutumin ya ce ta "taƙaita", kai ka ce ta "kashe". Ya ce da wuya a ɗora mata laifin duka, kai ka ɗora mata duka, sannan ka manna sunansa a ƙarshe. Ka tsere wa satar lafazi ka faɗa cikin yi wa mutum ƙage, kuma a wurina na biyun ya fi nauyi, domin duk wanda ya karanta naka zai tafi yana cewa Wane ya faɗi abin da bai faɗa ba.

Wannan mas'ala ba sabuwa ba ce a wurinmu. Malaman hadisi sun daɗe da tattauna riwaya da ma'ana, wato mai ruwaya ya kawo abin da ya ji ba da ainihin lafazin ba. Mafi yawansu sun yarda da ita, amma da sharaɗi: sai wanda ya san harshen sosai, ya san abin da ke karkatar da ma'ana idan aka sauya shi. Kuma sauya lafazi bai taɓa ɗauke masa ambaton wanda ya ji daga bakinsa ba. Har ma sukan ƙara da "ko kamar yadda ya ce" don mai sauraro ya san lafazin ba tabbas ba ne. Ban ce hukuncin ɗaya ne da na rubutun jami'a ba, amma sharuɗɗan biyu su ne dai: kada ma'ana ta motsa, kada sunan mai magana ya faɗi.

A aikace, ƙananan kalmomi ne ke ɓacewa: "wataƙila", "galibi", "wasu daga cikin", "a yankin da aka yi binciken". Mai sake jimla yana ganinsu kamar ƙaiƙayi sai ya sheƙe su, alhali su ne ma'aunin maganar. Binciken da aka yi a ƙauyuka uku sai ya koma "manoman Arewa" a hannun ɗalibi.

Zainab U.: Na gode malamai. Aikina a kan dalilan ne, don haka ga gwajina:

"A ganin Wane (2015), abubuwa biyu ne suka haɗu wajen rage ambaliyar damina a fadamun Haɗejiya da Nguru: farin shekarun 1970 da 1980, da kuma madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Ya nuna cewa su biyun suna da hannu daidai wa daida. Manoman shinkafa da masunta da makiyaya duk sun rasa wani ɓangare na wuraren da suke dogaro da su. Wannan ya nuna cewa sakin ruwa daga madatsar shi kaɗai ba zai dawo da fadamun yadda suke a da ba."

Dakta Hauwa: Madalla, yanzu gini ya zama naki. Ga yadda za ki auna da kanki. Ki sa wa abubuwan Wane lamba yadda suka zo: 1 madatsa, 2 raguwar ambaliya, 3 waɗanda abin ya shafa, 4 fari. A rubutun facin da na kawo ɗazu jerin 1, 2, 3, 4 ne. A naki 2, 4, 1, 3 ne, kuma ba don ado kika jujjuya ba, don tambayarki ce ta nemi haka. Wane ya yi maganar filaye, ke kin yi maganar mutanen da ke kan filayen. Tiga, 1974, Haɗejiya da Nguru suna nan yadda suke, kuma haka ya kamata. Sunaye, shekaru, alƙaluma da kalmomin fannu ba a nema musu madadi. Wanda ya mayar da "fari" ya koma "rashin ni'imar sama" don gudun kamanni ya wahalar da mai karatu a banza.

Amma akwai gyara biyu. Na farko, "daidai wa daida". Ina Wane ya faɗi haka? Cewa ya yi kada a ɗora wa madatsa duka, bai raba laifin gida biyu ba. Zai yiwu a ransa madatsa ce ke da kaso mafi girma. Ki mayar da ita: "Ya yi gargaɗin kada a jingina raguwar ga madatsar ita kaɗai."

Na biyun ya fi ɓoyuwa. Jimlarki ta ƙarshe, wadda ta fara da "Wannan ya nuna", ta wa ce? Wane bai yi maganar sakin ruwa ba, ke kika ciro ta. Amma da yake ta biyo bayan nasa ba tare da shinge ba, mai karatu zai ɗauka shi ne yake ci gaba da magana. Kin ba shi abin da ba nasa ba, kin kuma hana kanki ladan tunaninki. Madogara tana da bakin shiga da bakin fita. Ki buɗe da "A ganin Wane (2015)", ki rufe maganarsa da (sh. 42) bayan jimla ta uku, sannan ki fara taki da abin da zai nuna an sauya murya, kamar "Idan haka ne, wannan bincike yana ganin cewa...". Shi ya sa sa madogara guda a ƙarshen dogon sakin layi yake kawo rigima: ba wanda ya san ko jimlar ƙarshe kaɗai ta rufe, ko duka jimlolin.

Bashir Gwammaja: Dakta na karɓi gyara a kan na Tiga. Amma lambar shafi ai sai in an ɗauko magana kai tsaye ake sa ta. Kuma ke nan kowace jimla sai na maimaita (Wane, 2015)? Shafin zai cika da baka biyu.

Dakta Hauwa: Rabin maganarka daidai ne. A bugu na 7 na APA, lambar shafi wajibi ce ga zancen da aka ɗauko kai tsaye, ga wanda aka sake wa jimla kuwa ba dole ba ce, amma an ƙarfafa a sa idan za ta taimaki mai karatu ya gano wurin, musamman a littafi mai kauri. A MLA kuwa sunan marubuci da shafi ake sawa ko da ka sake jimla. Maimaitawa kuma ba a bukatarta a kowace jimla. Ka ambace shi a farko, muddin "ya nuna", "ya ƙara da cewa" suna bayyana cewa shi ne ke magana, ya wadatar. In ka shiga sabon sakin layi kana kan maganarsa, sai ka sake kawo madogarar.

Batun kashi 20 kuma, abin da Turnitin ke bayarwa ma'aunin kamanni ne, ba hukuncin sata ba. Aiki zai iya nuna kashi 30 saboda jerin manazarta da zantukan da aka sa wa alama yadda ya dace, musamman in ba a kunna tacewar da ke cire su ba. Wani kuma ya nuna kashi 4, alhali kashi huɗun nan shafi ne guda da aka kwashe ba suna. Ka buɗe rahoton ka bi wuraren da aka yi wa launi ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsaya a lambar da ke sama.

Ibrahim Maraɗi: To ga tawa matsalar. Mu littattafanmu da Faransanci suke, wasu da Ingilishi, ni kuma da Hausa nake rubutu. In na fassara ai kowace kalma tawa ce, ba guda ɗaya da ta yi kama da ta asali. Nan ma sai na sa suna?

Malam Lawal Zariya: Sai ka sa, babu makawa. Kalmomin naka ne, hujjar da jerinta nasa ne. Wannan ita ce satar da ta fi sauƙin faɗawa ga masu rubutu da Hausa, don ba kasafai na'ura ke ganinta ba. Amma malamin da ya karanta littafin zai gane ta a shafin farko, kuma Hausar da kanta takan tona asiri: jimla ta yi tsawo, ta riƙa tafiya da ƙafar wani harshe. Ni abin da nake gani shi ne, in ka bi shi jimla bayan jimla, ka sa alamar zancen wani, ka sa shafi, ka rubuta cewa fassararka ce.

Dakta Hauwa: A nan mun ɗan saɓa, Malam. APA tana ɗaukar fassarar da ka yi da kanka a matsayin sake jimla, don haka ba a sa mata alamar zancen wani, suna da shekara ake sawa, a ƙara shafi. Hujjarsu ita ce alamar tana nufin ga ainihin kalmomin mutum, shi kuwa bai rubuta Hausa ba.

Malam Lawal Zariya: Na ji hujjarsu, Dakta, amma ba ta gamsar da ni ba. Ke da kanki kika ce rashin alamar yana gaya wa mai karatu cewa ginin jimlar na ɗalibi ne. To fassarar da ta bi asali sawu da ƙafa ai gininta na marubucin ne. Yaya abin da ya zama faci a cikin harshe ɗaya zai zama halal don an tsallaka wani harshe?

Dakta Hauwa: Tambayar tana da ƙarfi, ba zan ce ba ta da shi ba. Abin da ya rage mini shi ne in ce a bayyana wa mai karatu abin da aka yi: in fassara ce ta kusa, a rubuta "fassarar mai bincike" a kuma sa shafi, da alama ko babu, gwargwadon abin da sashe ya tsayar. Malam Ibrahim, ka tambayi sufabaizanka tun kafin ka yi nisa, ka kuma bi hanya ɗaya daga farkon kundin har ƙarshe.

Zainab U.: Saura ɗaya Dakta. A ɗaya daga cikin sakin layin nan uku, marubucin da na karanta shi ma wani ya ambato, kuma ban samu littafin wancan ba. Na sake jimlar na sa sunan na asalin kawai, don shi ne mai maganar.

Dakta Hauwa: Wannan ki gyara shi yau. Kin nuna kin karanta littafin da ba ki taɓa riƙewa ba, kin kuma ɓoye wanda ya yi miki aikin karantawa da taƙaitawa. In ya yi kuskure wajen fahimta kin gaje shi ba ki sani ba, kuma ta irin wannan kuskuren da aka gada ake gane masu yin haka. Ki fara neman na asalin. In ya gagara, ki ambaci su biyun. Da Ingilishi a APA ana haɗa su da `as cited in`, da Hausa kuma sai ki ce "kamar yadda Wane (2015) ya ruwaito", kuma wanda kika karanta ne kaɗai zai shiga manazarta. Kada ki ɗauke shi ƙaramin abu. A Jamus, Jami'ar Düsseldorf ta janye digirin dakta na Annette Schavan a 2013 tana kan kujerar ministar ilimi, a kan kundin da ta rubuta tun 1980, bisa samunta da gabatar da tunanin wasu a matsayin nata, kuma ta sauka daga muƙamin bayan 'yan kwanaki.

Bashir Gwammaja: To ma'anar kalma fa? Akwai ma'anonin da layi ɗaya ne, duk yadda ka juya su sai sun lalace.

Malam Lawal Zariya: Irin wannan kada ka juya. Ka ɗauko ta yadda take, ka sa alamar zancen wani da shafi, sannan ka yi bayaninta da bakinka a jimlar da ke biye. In ta kai kalma 40 ko fiye, a APA ware ta ake yi a nata sakin layin a tura ta ciki, ba tare da alamar ba. Haka nan in marubuci ya ƙirƙiro wata 'yar magana tasa mai kalma biyu ko uku kana son ta, ka sa mata alama ko da tana tsakiyar jimlar da ka sake.

Zainab U.: Na koma kan na farkon na sa masa lambobi. Na littafin 1, 2, 3, 4, 5, nawa ma 1, 2, 3, 4, 5. Zan rufe littafin in sake daga gutsattsari. Malam Lawal, guda biyu a cikin manazartata da Ingilishi suke, in na fassara zan kawo muku ku duba kafin in kai wa sufabaiza.